Wasiƙar Da Ke Ce Wa Ɗan Kwangila A'a

Ranar da ɗan kwangila ya aiko da takarda yana neman ƙarin kuɗi, hankalin ofishin mai aiki yakan tashi. Wani zai ce mutumin nan so yake ya cuce mu. Wani zai ce a jefa takardar cikin durowa, in ya gaji ya daina zarya. Wani kuma ya ɗauki waya ya kira shi ya zazzage masa abin da ke cikinsa. Duk wannan ba ya kashe magana. Takardar tana nan cikin fayil da hatimin ranar da aka karɓe ta, kwanakin da yarjejeniya ta ɗiba don a ba da amsa kuma suna ta tafiya. Abin da ke tsayar da ita shi ne wata takardar, wadda za ta ce an ƙi, ta kuma faɗi dalili.

Irin wannan neman ƙari shi ne abin da mutanen gini ke kira kilem. Ɗan kwangila yana cewa wani abu ya faru a wurin aiki wanda ba laifinsa ba ne, ya ci masa kuɗi ko ya ci masa lokaci, don haka a biya shi ko a ƙara masa kwanaki. Wani lokaci yana da gaskiya, kuma dole a biya shi. Wani lokaci ba shi da ita. A nan ne ake bukatar wasiƙar da nake son mu duba, kuma zan bi ta da misali guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, domin a cikin ƙananan abubuwa ne ake gane wadda ta tsaya da ƙafafunta da wadda za ta faɗi.

Misalin na ƙirƙire shi ne don bayani, har da kwanakin da kuɗaɗen da ke cikinsa. Amma ƙa'idojin na gaske ne. Na ɗauko su daga tsarin yarjejeniyar FIDIC, wato ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, wadda aka kafa a 1913 take kuma da mazauni a Geneva. Littafinta mai jan bango, bugun 1999, ya yaɗu sosai a ayyukan hanya da gada da ruwa, har da waɗanda ake yi a ƙasashenmu. A wannan tsari mutum uku ne a fage: mai aiki da ke biya, ɗan kwangila da ke ginawa, da injiniya mai sa ido wanda mai aiki ya ɗauka don ya kula da aikin. Shi injiniyan ne ke rubuta amsa.

A ce wata hukuma ta ba da aikin hanya mai tsawon kilomita 2 da magudanar ruwa a gefenta. Ranar 4 ga Satumba ɗan kwangila ya kawo takarda mai buƙatu uku. Na farko, ya ce da suna haƙar magudana sun ci karo da dutse a ƙarƙashin ƙasa, sai da ya yi hayar injin fasa dutse, yana neman naira miliyan 18 da ƙarin kwana 21. Na biyu, ya ce ruwan saman Agusta ya hana shi aiki, yana neman kwana 25. Na uku, ya ce wani babba daga hukumar ya zo duba aiki ya ce a ƙara kwalbati biyu, ya kuma gina su, yana neman naira miliyan 6. Jimilla naira miliyan 24 da kwana 46.

Kada a raina kwanakin nan. A yarjejeniyar gini akwai tarar jinkiri, kuɗin da ake cirewa ɗan kwangila a kan kowace rana da ya wuce wa'adi. In tarar a wannan aiki naira 200,000 ce a rana, kwana 46 na nufin naira miliyan 9 da dubu 200. Wanda ya nemi kwanaki, kuɗi ya nema.

Wa ake rubuta wa?

Sunan ɗan kwangila ne a saman wasiƙar, amma a ganina injiniya mai hankali wani mutum yake hangowa lokacin da yake rubutu. Yana hango wanda zai buɗe fayil ɗin bayan shekara biyu ko uku, wanda bai taɓa taka wurin aikin ba, bai san kowa a cikinsu ba, bai ji zafin ranar da aka yi cacar baki a gindin tifa ba. Mai yiwuwa mai sasanci ne da aka naɗa ya yanke hukunci, ko alƙali, ko mai binciken kuɗi na gwamnati. Wannan mutumin takarda kawai zai gani. In wasiƙar ta ce "buƙatarku ba ta da tushe" ta tsaya nan, ba a ba shi komai ba. In ta ce masa duba sashe kaza na yarjejeniya, sannan duba shafi kaza na littafin aiki, zai iya bin sawun maganar da kansa ya isa inda injiniyan ya isa.

Shi ya sa kowane ƙi a cikin wasiƙar yake bukatar abu biyu tare: abin da yarjejeniya ta ce, da abin da ya faru a ƙasa. Sashen yarjejeniya shi kaɗai doka ce da ba a nuna ta shafi wannan lamari ba. Labarin abin da ya faru shi kaɗai kuma hira ce.

Kafin injiniya ya ɗora alƙalami, sai ya tara kayan aikinsa: yarjejeniyar da aka sa wa hannu tare da sharuɗɗan musamman da aka ƙara mata, littafin da ake rubuta abin da ya gudana a wurin aiki kowace rana, bayanan tarukan wata-wata, jadawalin aikin da ɗan kwangilar ya gabatar da kansa, rahoton binciken ƙasa, da duk wasiƙun da suka shiga tsakani. Sharuɗɗan musamman ɗin nan su ne tarkon da ke kama gwanaye. Mutum ya haddace cewa littafin FIDIC ya ce kwana 28, ya rubuta haka, alhali a wannan aikin an canza adadin tun ranar sa hannu. Wasiƙar da ta kafa hujja da sashen da aka riga aka gyara ta rushe kafin a kai sakin layi na biyu. Sannan sashe na 3.5 ya ɗora wa injiniya ya tuntuɓi ɓangarorin biyu ya nemi su daidaita kafin ya yanke, don haka zama da ɗan kwangilar wajibi ne, kuma ranar zaman za ta shiga wasiƙar.

Shi ma injiniyan agogo na binsa. Sashe na 20.1 ya ba shi kwana 42 daga karɓar cikakken bayanin buƙatar ya amsa, ko da amincewa ko da ƙi mai ɗauke da cikakken dalili. Takardar da ta zo 4 ga Satumba, amsarta ta fita kafin 16 ga Oktoba ta wuce.

A Najeriya da Turanci ake rubuta irin wannan wasiƙa, amma tsarinta ba na wani harshe ba ne, don haka zan kawo sassanta da Hausa. Bayan adireshi da lambar fayil da sunan aikin, ga yadda take buɗewa:

"Mun karɓi takardarku ta ranar 4 ga Satumba, wadda a cikinta kuka nemi naira miliyan 24 da ƙarin kwana 46 a kan abubuwa uku. Mun duba ta tare da takardun da kuka haɗo, mun kuma zauna da wakilinku ranar 22 ga Satumba. Wannan ita ce amsarmu bisa sashe na 20.1 da na 3.5 na yarjejeniya. Ba mu amince da buƙatun uku ba, saboda dalilan da ke biye."

Jimla huɗu, kuma mai karatu ya riga ya san me aka nema, a ƙarƙashin wane iko ake amsawa, da abin da aka yanke. Mu Hausawa mun saba da doguwar shimfiɗa kafin a faɗi magana mai nauyi, kuma a zaure wannan ladabi ne mai kyau. A wannan takarda kuwa, ɓoye hukunci sai shafi na uku wahalar da mutum ne. Gara ya san matsayinsa tun farko, sannan ya karanta dalilan da natsuwa.

Maganar dutse

Nan ne kuɗin ya fi yawa, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Sashe na 20.1 ya ce ɗan kwangilar da ke ganin ya cancanci ƙarin lokaci ko kuɗi sai ya sanar da injiniya a rubuce, kada ya wuce kwana 28 daga ranar da ya san abin ya faru ko ranar da ya kamata ya sani. In ya wuce, haƙƙin ya faɗi. Mutane da yawa suna ganin wannan tsauri ne, amma akwai hikima a ciki. In aka sanar da injiniya a makon da aka ga dutsen, zai zo ya gani da idonsa, ya auna, wataƙila ya ce a ɗan karkatar da magudanar a huta. In sai bayan wata uku aka gaya masa, an zuba kankare an rufe ramin, me zai auna?

Littafin aiki ya nuna an fara cin karo da dutsen ranar 3 ga Yuni, kuma haƙa ta tsaya a ranar. Kwana 28 sun cika 1 ga Yuli. Takarda ba ta zo ba sai 4 ga Satumba, kwana 93 ke nan.

Da ganin haka sai ran injiniya ya yi sanyi, ya ce magana ta ƙare, ya rubuta layi biyu ya rufe. Ina ganin wannan babban kuskure ne, saboda dalili biyu.

Na farko, masu yanke hukunci ba sa gaggawar kashe haƙƙin mutum a kan lissafin kwanaki. A 2014 wata kotu a Landan ta saurari rikici tsakanin kamfanin Obrascon na ƙasar Sifen da gwamnatin Gibraltar a kan aikin hanya da rami a filin jirgin saman Gibraltar, kuma da wannan sashe na 20.1 aka yi jayayya. Alƙali Akenhead ya bayyana cewa babu wani fom na musamman da sanarwa za ta bi, ya isa ta kasance a rubuce, ta bayyana abin da ya faru, a kuma gane cewa neman haƙƙi ake yi da ita. Ya kuma ce mai aiki ne zai tabbatar da cewa sanarwa ta makara. Ma'anar wannan ga mai rubuta wasiƙarmu ita ce sai ya koma fayil ya bincika ko akwai wata 'yar takarda a watan Yuni da za a iya ɗauka a matsayin sanarwa. A misalinmu ya samu cewa a taron 25 ga Yuni wakilin kamfanin ya ambaci dutsen, an rubuta a bayanan taro, amma bai ce zai nemi komai a kai ba. Wasiƙa ta gaskiya za ta kawo wannan da kanta, ta faɗi dalilin da ya sa ba ta ɗauke shi sanarwa ba. In ta yi shiru a kai, lauyan ɗan kwangila ne zai zaro shi daga baya, kuma daga nan za a fara kallon sauran wasiƙar da zargi.

Na biyu, in hujjar makara ita kaɗai aka kafa, ranar da ta faɗi komai ya faɗi. Don haka sai a ƙara da duba ainihin maganar, ko da an ɗauka sanarwar ta zo a kan lokaci. Sashe na 4.12 yana ba ɗan kwangila haƙƙi in ya gamu da wani yanayi a ƙasa wanda gogaggen ɗan kwangila ba zai iya hango shi ba a lokacin da ake miƙa takardun neman aikin. Tambayar ke nan: dutsen nan abin mamaki ne? Rahoton binciken ƙasa da aka raba wa duk masu neman aikin ya nuna cewa a rami na 3 da na 4 da aka haƙa don gwaji an samu dutse a zurfin mita 1.2, daidai wurin da ake magana a kai. Zanen magudanar kuma ya nuna zurfinta mita 1.5 ne. Duk wanda ya ɗora takardun biyu gefe da gefe ya san zai fasa dutse. Ga yadda wasiƙar ta faɗa:

"Littafin aiki ya nuna an gamu da dutsen ranar 3 ga Yuni. Sanarwarku ta iso ranar 4 ga Satumba, bayan kwana 93, alhali sashe na 20.1 ya ba da kwana 28. Mun lura an ambaci dutsen a taron 25 ga Yuni, amma bayanan taron ba su nuna an nemi ƙarin kuɗi ko lokaci ba. Ba tare da barin wannan hujja ba, mun duba buƙatar bisa sashe na 4.12. Rahoton binciken ƙasa, a shafi na 14, ya nuna dutse a zurfin mita 1.2 a rami na 3 da na 4, zane kuma ya nuna zurfin magudana mita 1.5. Don haka ba mu ga cewa yanayin ya kasance wanda ba za a iya hangowa ba."

Akwai kuma wani layi da nake ganin bai kamata a bari ba. A jadawalin farashin wannan aiki akwai kuɗin fasa dutse a kan kowace mita ta murabba'in zurfi da faɗi da tsawo, wanda ɗan kwangilar ya sa da hannunsa. Wasiƙar za ta ce dutsen da aka fasa za a auna shi a biya bisa wannan farashi kamar kowane aiki, ƙin da aka yi bai taɓa wannan ba. Abin da aka ƙi shi ne ƙarin da ya ɗora a sama. Mutumin da aka nuna masa iyakar abin da ya rasa ya fi saurin haƙura a kan wanda aka bari yana zaton an hana shi komai.

Ruwan Agusta da kwalbatin babban mutum

Maganar ruwa gajeriya ce. A nan ɗan kwangilar ya yi daidai wajen lokaci: ruwan ya fara tsayar da aiki 9 ga Agusta, ya aiko da sanarwa 20 ga wata. Wasiƙar za ta faɗi haka ƙarara. Amma sashe na 8.4 yana ƙara kwanaki ne a kan yanayin sama da ya wuce misali, kuma ruwa a watan Agusta a arewacin Najeriya ba baƙo ba ne, shi ne tsakiyar damina. Hanyar da aka saba bi ita ce a nemo bayanan ruwan sama na shekarun baya daga hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, a kwatanta da na bana. A misalinmu na bana bai fita daga abin da aka saba ba. Littafin aiki kuma ya nuna kwana 11 aiki ya tsaya a watan, ba 25 ba. Bakwai saboda ruwa, huɗu saboda motar haƙa ta lalace ana jiran kayan gyara. Jadawalin da kamfanin ya gabatar tun farko ya riga ya ware kwana 10 don ruwan Agusta. Bakwai bai kai goma ba. Wasiƙar za ta jera waɗannan lambobi ta tsaya. Ba ta bukatar ta ce an yi ƙari a lissafi, domin duk wanda ya ga 25 kusa da 7 ya gani.

Kwalbati kuwa ita ce mai ciwo, kuma ita ce na fi tausaya wa ɗan kwangila a kanta. Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Babban mutum ya zo da jerin motoci, mutanen unguwa suka kewaye shi suna kukan ruwa na shiga gidajensu, ya juya ya ce, "Alhaji, a sa musu kwalbati biyu a nan." Wane ɗan kwangila ne zai ce masa a gaban jama'a, "Ranka ya daɗe, sai na ga takarda"? Sai ya ce an gama, ya gina.

Amma yarjejeniya ta san mutum ɗaya ne mai ba da umarni. Sashe na 3.3 ya ce daga injiniya ko mataimakin da ya ba iko kaɗai ɗan kwangila zai karɓi umarni, sashe na 13.1 kuma ya hana shi canza wani abu a aikin sai injiniya ya umarta ko ya amince. Ko umarnin baki na injiniyan kansa yana da hanyarsa: ɗan kwangila ya rubuto yana tabbatar da shi cikin kwana biyu na aiki, in injiniya bai musa ba cikin wasu kwana biyu na aiki, ya zama umarni. Dalilin wannan a fili yake. Kuɗin jama'a ne, an yi masa kasafi, kuma in kowane mai ziyara zai iya ƙara aiki da fatar baki, ba wanda zai san nawa hanyar za ta ci sai an gama. A misalinmu ziyarar ta kasance 10 ga Yuli, ranar 12 ga wata kuma wakilin injiniya ya rubuta wa kamfanin cewa kada a fara kwalbatin sai an ba da umarni a rubuce. An gina duk da haka.

Yadda za a rubuta wannan sashe yana bukatar hannu mai taushi. Ba a kiran sunan babban mutumin da zargi, ba a kuma ƙaryata cewa ya faɗa. Wasiƙar za ta ce: "Ba mu jayayya cewa an yi wannan magana a ziyarar 10 ga Yuli. Sai dai wanda ya yi ta ba ya cikin waɗanda sashe na 3.3 ya ba ikon umarni, kuma takardarmu ta 12 ga Yuli ta nemi a dakata. Don haka ba mu da hurumin ɗaukar aikin a matsayin canjin da yarjejeniya za ta biya." Sai ta ƙara da cewa an sanar da mai aiki halin da ake ciki. Wannan layi na ƙarshe yana da amfani, domin kwalbatin suna nan a ƙasa, ruwa na bi ta cikinsu, kuma hukumar tana iya ganin dacewar ta bi hanyar da ta dace ta amince da su daga baya. Wannan shawararta ce. Injiniya ba zai yi alkawarin abin da ba nasa ba, kuma bai kamata ya rubuta kamar ƙofar ta rufe har abada ba.

Harshen wasiƙar

Mutane sukan ɗauka sanyin harshe a irin wannan takarda ado ne, ko tsoron ɗan kwangila. Ni ina ganin daga matsayin injiniyan ya samo asali. Mai aiki ne ke biyansa albashi, amma sashe na 3.5 ya ce hukuncin da zai yanke ya kasance na adalci, bisa yarjejeniya, tare da la'akari da duk abin da ya shafi lamarin. Wanda aka ɗora wa wannan nauyi, in ya rubuta da fushi, ya nuna da bakinsa cewa ya ɗauki ɓangare.

Na sha ganin daftarin da aka fara da "abin takaici ne yadda kamfaninku ya saba kawo buƙatun ƙarya." A wannan jimla ɗaya an yi ɓarna uku. An zargi mutum da ƙarya, wanda abu ne mai nauyi da sai an tabbatar da niyyarsa, alhali abin da ake da shi kawai lambobi ne da ba su dace ba. An jawo tsofaffin rigingimu da ba su cikin wannan takarda. An kuma ba shi abin da zai riƙe ya bar ainihin maganar, domin amsarsa za ta zo shafi uku a kan mutuncinsa, ba layi ɗaya a kan rami na 3 da na 4. Gyaran mai sauƙi ne: a cire duk kalmar da ke siffanta mutumin, a bar waɗanda ke siffanta takarda da kwanan wata. "Kun yi sakaci" ya koma "sanarwar ta iso bayan kwana 93." "Kowa ya san ana ruwa a Agusta" ya koma "jadawalinku ya ware kwana 10."

Akwai ɓarna ta ɗaya gefen, wadda masu kunya suka fi faɗawa ciki. Don a sanyaya wa mutum rai sai a rubuta, "Mun san kun yi asara sosai, za mu ga abin da za a iya yi." Niyyar mai kyau ce, amma bayan shekara biyu za a karanta layin a matsayin amincewa da asarar da kuma alkawarin biya. Magana zarar bunu ce, ta takarda kuwa ta fi wuyar mayarwa. Haka nan in ana son a yi tayin sulhu, a ce ga wani abu a raba gardama, wannan a yi shi a wata takarda daban. Haɗa hukunci da ciniki a wasiƙa ɗaya yana raunana duka biyun.

Rufewar wasiƙar tana yin aiki biyu. Tana barin ƙofa ga sabuwar hujja: "In kuna da wata takarda da aka rubuta a lokacin da abin ya faru wadda ba mu gani ba, ku aiko da ita, za mu duba." Tana kuma nuna masa hanyar da zai bi in bai gamsu ba. A bugun 1999 hanyar ita ce sashe na 20.4, inda ake kai rikici gaban kwamitin warware saɓani da ɓangarorin biyu suka naɗa, wanda ke da kwana 84 ya ba da hukunci. In wani bai yarda ba, sai a gwada sulhu, sannan a je gaban masu sasanci. A Najeriya dokar da ke kula da wannan mataki yanzu ita ce dokar sasanci da sulhu ta 2023. Wasu injiniyoyi ba sa son rubuta wannan sakin layi, suna ganin kamar nuna wa abokin hamayya ƙofar kotu ne. Ƙofar tana cikin yarjejeniyar da ya sa wa hannu, lauyansa ya san ta, kuma faɗinta yana nuna cewa wanda ya rubuta wasiƙar a shirye yake wani ya duba aikinsa. Ana kuma tunatar da shi cewa aiki zai ci gaba yayin da ake wannan, domin saɓani a kan kilem ba ya ba da izinin kwashe ma'aikata daga wurin aiki.

Wanda aikinsa ke kan sabon bugun FIDIC na 2017 ya lura da wani canji da ya shafe shi kai tsaye. A can, in injiniya yana ganin sanarwar ɗan kwangila ta makara, kwana 14 kawai yake da su daga karɓarta ya faɗi haka a rubuce, in ya yi shiru ana ɗaukar sanarwar ingantacciya ce. Da misalinmu a kan wannan bugu yake, hujjar kwana 93 sai ta fita tun 18 ga Satumba, a takarda tata ta daban, tun kafin a gama nazarin sauran.

Saura isarwa. Wasiƙar ta fita da sa hannun wanda yarjejeniya ta ambata a matsayin injiniya, ba na wani ƙaramin ma'aikaci da ke kusa ba. A haɗa mata kwafin shafi na 14 na rahoton ƙasa, da shafukan littafin aiki na Yuni da Agusta, da bayanan ruwan sama, da takardar 12 ga Yuli, kowanne da lambarsa. A kai ta adireshin da aka rubuta a yarjejeniya, ta hanyar da yarjejeniyar ta yarda da ita, domin hoton takarda da aka tura ta waya ba lallai ne a ƙirga shi ba. Masinja ya tafi da kwafi biyu, a karɓi ɗaya, a buga wa ɗayan hatimi da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa, ya dawo da shi a sa a fayil, a kuma aika wa mai aiki nasa kwafin a ranar.